Ungulu da Yaron Ayod: Haƙƙin Wanda Aka Ɗauka Hoto Yana Cikin Wahala

Ranar 26 ga Maris na 1993 jaridar New York Times ta buga wani hoto da har yau ba a gama gardama a kansa ba. Wani ɗan ƙaramin yaro ne, yunwa ta rame shi har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, ya durƙushe a ƙasa, goshinsa ya kusa taɓa turɓaya. A bayansa wata ungulu ta sauka, ta tsaya tana fuskantarsa. Babu wani mahaluƙi a cikin hoton ban da su biyun. Wanda ya ɗauka shi ne Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, a garin Ayod na kudancin Sudan, yankin da a yau yake cikin ƙasar Sudan ta Kudu. Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza, kuma duk wanda ya ga hoton abin da ya karanta ke nan: wannan tsuntsuwa jira take yi, kuma ta san abin da take jira.

Masu karatu suka yi ta kiran ofishin jaridar suna tambayar abin da ya faru da "yarinyar", don a lokacin kowa ya ɗauka mace ce. Bayan kwana huɗu jaridar ta fitar da ɗan bayani, cewa mai hoton ya ce an kori ungulun, yarinyar ta samu ƙarfin ci gaba da tafiya, amma ba a san ko ta kai sansanin rabon abinci ba. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa ba, sai tambayar ta juya kan mai kyamara. Wata jarida a Florida ta kwatanta shi da ungulu ta biyu a wurin. A watan Afrilun 1994 aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer saboda hoton, ranar 27 ga Yulin wannan shekarar kuma ya kashe kansa, yana da shekara 33.

Galibi a nan ake tsayar da labarin, a ce alhakin yaro ne ya bi shi. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, don ya yi sauƙi da yawa. Carter ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan kashe-kashe a unguwannin baƙar fata na kewayen Johannesburg a ƙarshen mulkin wariyar launin fata. Yana fama da bashi da shan ƙwaya, kuma amininsa Ken Oosterbroek an harbe shi har lahira a Thokoza ranar 18 ga Afrilun 1994, kwanaki kaɗan bayan sanar da lambar yabon. Mutuwar mutum irin wannan ba hoto ɗaya ne ke jawo ta ba. Masu mayar da ita darasin ladabi suna yi wa Carter abin da suke zarginsa da yi wa yaron, wato su yanko ɓangare ɗaya na rayuwar mutum su ce shi ke nan labarinsa.

Mu koma kan hoton kansa, don a nan ainihin maganar take. Hoto yana da iyaka ta fuska huɗu, kuma abin da ke wajen iyakar babu shi a idon mai kallo. Abin da muka sani daga bayanin João Silva, abokin tafiyar Carter, shi ne sun sauka Ayod ne a jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya kawo abinci, kuma manya sun tafi karɓar abincin, sun bar yara na ɗan lokaci. Sansanin ciyarwa yana nan kusa, mutane suna kai da komo. Ashe kaɗaicin da ke sa hoton ya tsinka zuciya ba kaɗaicin yaron ba ne, aikin iyakar hoto ne. Sannan akwai dabarar gilashin kyamara mai jawo nesa kusa. Irin wannan gilashi yana matse tazarar da ke tsakanin abin da ke gaba da abin da ke baya, sai su zama kamar suna dab da juna. Duk wanda ya taɓa kallon wasan ƙwallo a talabijin ya ga haka, inda 'yan kallo suke zama kamar suna kan kafaɗar mai tsaron gida alhali akwai tazara mai yawa. Ungulun tana nan, ba a ƙirƙiro ta ba, amma yadda ta yi kama da mai shirin kai sara a daƙiƙa mai zuwa, wannan wurin tsayawar mai hoto ne ya samar da shi.

Shin ƙarya ke nan? A'a. Yunwar gaskiya ce, mutane suna mutuwa a Ayod kowace rana a lokacin. Amma gaskiyar da hoton ya faɗa game da yunwar ya faɗe ta ne ta hanyar faɗin abin da ba daidai ba game da yaron. A 2011 jaridar El Mundo ta ƙasar Sifen ta aika wakili ya bi sawu, ya samu mahaifin. Nan aka gano yaron namiji ne, ba mace ba. Aka kuma lura da wani abin da ya kasance a cikin hoton tun farko ba wanda ya kula: ɗan abin hannu na roba da ma'aikatan agaji ke ɗaura wa yaran da suka yi wa rajista, alamar cewa yana hannun masu ciyarwa. Mahaifin ya ce yaron ya tsira daga wannan yunwa, ya girma, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa shekaru da dama bayan haka. Shekara goma sha takwas duniya tana makokin wata yarinya da ungulu ta cinye, yarinyar da ba a taɓa yi ba, alhali mai hoton na ainihi yana raye a mafi yawan waɗannan shekarun, kuma babu wanda ya tambayi iyayensa ko sun yarda a nuna ɗansu tsirara a gaban mutanen duniya.

Inda nake ganin tuhumar da ake yi wa Carter tana da ƙarfi shi ne wurin jira. Shi da bakinsa ya ce ya tsaya kimanin minti ashirin yana fatan ungulun ta buɗe fukafukanta, don hoton ya ƙara ƙarfi. Ba ta buɗe ba, ya ɗauki abin da ya samu, ya kore ta, ya koma gindin wata bishiya ya kunna taba yana kuka. Masu kare shi sun ce an gargaɗi 'yan jarida kada su taɓa masu fama da yunwa saboda cututtuka, kuma aikin mai hoto ya shaida ne, ba ya yi jinya ba. Akwai gaskiya a ciki. Da ya ajiye kyamara ya ɗauki yaro ɗaya, da ya taimaki ɗaya, hoton kuwa ya sa miliyoyi sun san akwai wani wuri wai shi Ayod. To amma wannan lissafi bai wanke minti ashirin ɗin ba. Danna kyamara aikin ƙiftawar ido ne, kuma shaida ta riga ta samu tun dannawar farko. Abin da ya biyo baya neman kyau ne, ba neman shaida ba. A wannan lokacin yaron ya tashi daga mutumin da ake ba da labarinsa ya koma kayan aikin da ake tsara hoto da shi. A ganina nan ne layin yake, kuma kowane mai hoto yana iya gane sa'ad da ya ƙetare shi: lokacin da ya samu kansa yana fatan halin da mutum ke ciki ya ƙara muni kaɗan, ko ya daɗe kaɗan, don aikinsa ya fito.

Akwai kuma abin da hoton ya ɓoye wanda ya fi sansanin ciyarwa girma. Mai kallo yana ganin busasshiyar ƙasa, da yaro, da tsuntsuwa, sai ya ce fari ne, ƙaddara ce, Afirka ke nan. Alhali yunwar Ayod mutane ne suka haddasa ta. A 1991 ƙungiyar 'yan tawayen kudu, SPLA, ta rabe biyu tsakanin ɓangaren John Garang da na Riek Machar, suka koma yaƙar juna a kan yaƙin da suke yi da gwamnatin Khartoum. Aka ƙona garuruwa, aka kwashe shanun makiyayan da rayuwarsu duka a kan shanu take, aka hana noma. Yankin da ke tsakanin Ayod da Waat da Kongor har laƙabi ma'aikatan agaji suka yi masa saboda tsananin yunwarsa. Ungulu ba ta da laifi a nan, amma ita ce muguwar da hoton ya ba mu, waɗanda suka riƙe bindiga kuwa babu ko inuwarsu. Wannan ita ce iyakar hoto a matsayin shaida: yana nuna rauni, ba ya nuna hannun da ya yi shi. An ce gani ya kori ji, amma a nan ganin ya kori jin da ya fi muhimmanci.

Yanzu mu juyo kanmu, mu masu kallo, don tuhumar mai hoto sau da yawa hanya ce ta kauce wa tuhumar kai. Wanda ya tambayi dalilin da ya hana Carter ɗaukar yaron, shi me ya yi bayan ya ninke jaridar?

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan. A wani bincike da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, an ba mutane dala biyar kowannensu, aka ba su damar bayar da wani abu daga ciki ga wata ƙungiyar agajin yara. Wasu aka nuna musu hoto da labarin yarinya ɗaya 'yar shekara bakwai daga Mali. Wasu kuma aka ba su alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa a ƙasashe da dama na Afirka. Waɗanda suka ga yarinyar sun bayar da fiye da ninki biyu na abin da masu alƙaluma suka bayar. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rukuni na uku, waɗanda aka haɗa musu hoton da alƙaluman tare: kyautarsu ta faɗi ƙasa da ta masu hoto zalla. Wato tunatar da mutum cewa akwai miliyoyi irin yarinyar ba ya ƙara masa tausayi, rage masa yake yi, wataƙila don yana jin taimakonsa ɗigo ne a teku. Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin agaji ba za su daina neman fuskar yaro ɗaya ba, ko da sun san abin da ke cikin hakan na cin mutunci. Mu ne muke saya, shi ya sa suke sayarwa.

Kuma tausayin da hoto ke tayarwa gajeren rai gare shi. Ranar 2 ga Satumbar 2015 Nilüfer Demir ta ɗauki hoton gawar Alan Kurdi, ɗan Siriyan nan da ruwa ya kawo gaɓar teku kusa da Bodrum a Turkiyya. Slovic da abokan aikinsa sun bi kuɗin da ya shiga asusun da ƙungiyar Red Cross ta Sweden ta buɗe don 'yan gudun hijirar Siriya. A makon da ya biyo bayan hoton, yawan masu bayarwa a kullum ya ninka fiye da sau ɗari. Cikin 'yan makonni abin ya lafa, ya koma kusa da inda yake. Kafin hoton an riga an kashe dubban ɗaruruwa a yaƙin Siriya, bayan hoton ma aka ci gaba. Hoton ya buɗe taga na ɗan lokaci. Wanda yake da wurin aika kuɗi a lokacin ya aika, gwamnatin da take shirye ta sauya manufa ta sauya, sauran kuwa suka ji zafi a rai suka wuce.

Marubuciyar nan Susan Sontag ta yi shekaru tana juya wannan magana. A littafinta na 1977 kan hoto ta tafi a kan cewa yawan ganin hotunan bala'i yana kashe zuciya, kamar yadda ƙafar da ta saba da ƙaya ke yin kanta. A littafinta na 2003 ta dawo ta ƙalubalanci kanta. Fahimtar da ta zo da ita daga baya, a taƙaice, ita ce ba yawan hotuna ne ke sandarar da mutum ba, rashin abin yi ne: tausayin da bai samu hanyar zama aiki ba bushewa yake yi. Ta kuma yi gargaɗin da nake ganin ya fi kowane cizo, cewa tausayi yana iya zama hanyar wanke kai, don mai jin tausayi yana shaida wa kansa cewa shi ba ya cikin masu laifi. Ina yawan ganin haka a aji idan na nuna wa ɗalibai hoton Ayod. Minti biyar na farko kowa yana Allah wadai da Carter. Idan na tambaya wa ya san abin da ya jawo yunwar, sai ɗakin ya yi tsit.

Sontag ta lura da wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. Jaridun Turai da Amurka suna sakaya fuskar gawar ɗan ƙasarsu, suna tunanin uwarsa da matarsa za su iya gani. Amma gawa ko tsiraicin ɗan Afirka ko ɗan Asiya, ana nuna shi filla-filla, kamar ba shi da dangin da za su buɗe jarida. Nijeriya ta ɗanɗani wannan a 1968, lokacin da hotunan yaran Biyafara masu kumburarren ciki suka cika mujallun duniya, suka kafa siffar "yaron Afirka mai yunwa" da hoton Carter ya zo ya gada. Sai dai kafin mu nuna wa Turawa yatsa, mu duba wayoyinmu. Mu da muke da kalmar sutura, muke gaggawar lulluɓe mamaci, muke addu'ar Allah ya rufa asiri, mu ne kuma idan tirela ta murƙushe motar haya a hanya muke rige-rigen fito da waya kafin a nemo zane. Kafin a kai gawa asibiti hotonta ya zagaya zaurukan WhatsApp, har wani ya fara sanin rasuwar ƙaninsa ta wannan hanya. Haka mai rabon kayan azumi da ba ya sakin buhun shinkafa sai bazawara ta ɗaga fuska ta kalli kyamara. Ana cewa ai ta yarda. Yardar mai jin yunwa a gaban mai riƙe da abinci, wace irin yarda ce?

Kada a fahimce ni da cewa a daina nuna wahala. Wanda ya fi kowa son a rufe hoto shi ne azzalumi. A 1955 aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Mississippi, aka lalata masa fuska har ba a iya gane shi. Mahaifiyarsa, Mamie Till, ta ƙi yarda a rufe akwatin gawar a jana'izarsa a Chicago, ta kuma bar mujallar Jet ta buga hoton. Hoton ya fi na Ayod muni nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin mai hankali ya kira shi cin mutunci ba. Bambancin ba a yawan jini yake ba. Mai haƙƙi ce ta yanke shawara, yaron yana da suna, an san waɗanda ake tuhuma, kuma an san abin da ake nema daga mai kallo. A hoton Ayod babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa a 2017, da mai zane Dana Schutz, farar fata, ta baje zanen da ta yi daga wannan hoton na Till a gidan baje kolin Whitney da ke New York, aka yi ca a kanta. Siffar ita ce dai, amma hannun da ya miƙo ta ya sauya, da wurin, da masu kallon. Ban goyi bayan waɗanda suka nemi a lalata zanen ba, amma tambayarsu tana kan hanya: izinin da uwa ta bayar don a tayar da al'umma, ya zama izini ga kowa har abada?

Masu fasaha sun nemi mafita daga wannan tsaka mai wuya, kuma wanda ya fi burge ni shi ne Alfredo Jaar, ɗan ƙasar Chile. Ya je Ruwanda a 1994 bayan kisan ƙare dangi, ya ɗauki dubban hotuna, sannan ya ga cewa nuna su ba zai ƙara komai ba a duniyar da ta riga ta ga irinsu ta kau da kai. Sai ya sa hotunan a cikin baƙaƙen akwatuna ya rufe, ya rubuta a kan kowane akwati abin da ke ciki: wane ne, a ina, me ya same shi. Mai kallo dole ya karanta, kuma karatu yana cin lokacin da kallo ba ya ci.

A 2006 Jaar ya waiwayi hoton Carter kansa. Ya gina wani ɗaki mai duhu da ake shiga kaɗan-kaɗan. A ciki babu sauti, sai rubutu da ke fitowa a allo layi bayan layi na tsawon kimanin minti takwas, yana ba da tarihin Carter, da tafiyar Sudan, da abin da ya biyo baya, har da kamfanin da ya mallaki haƙƙin sayar da hoton daga baya. Can kusa da ƙarshe sai fitilun kyamara su haska fuskokin masu kallo farat ɗaya, kamar su ake ɗauka, hoton yaron da ungulun ya bayyana na ƙiftawar ido, ya ɓace. Mutum yana fita da hoton a cikin idonsa, amma bai samu damar tsayawa ya ƙare wa tsiraicin yaron kallo ba, kuma ya ɗanɗani, na daƙiƙa guda, yadda ake ji idan kyamara ta juyo kanka ba ka shirya ba. Editan jarida ba shi da ɗaki mai duhu ko minti takwas, amma yana da abin da Jaar ya yi aiki da shi: girman hoto a shafi, inda za a yanke shi, ko za a sakaya fuska, da layukan da za a rubuta a ƙarƙashinsa. A hoton Ayod, waɗannan layukan ne ya kamata su ce akwai sansanin ciyarwa kusa, su kuma ambaci waɗanda suka kwashe shanun.